Sakin layi ɗaya a takardar abinci: yadda muka sake bayanin jar giyar inabi a wani gidan abinci a Jos

Kofuna uku na jar giyar inabi na tarar a jere a kan kantar gidan abincin ranar da Mama, mai wurin, ta kira ni, kowanne da saura fiye da rabi. Wajen ƙarfe tara ne na dare, sanyin hunturu ya fara shiga ta ƙofar baya, kuma ta hana a zubar da su don in gani da idona. Ta ce, "Ɗana, duba nan. Tebur uku daban-daban, duk a daren yau. Kuɗina ne wannan ake mayar mini da shi."

Gidan abincin yana kan hanyar Rayfield, tebur goma sha huɗu ne, kuma ba wurin ƙyale-ƙyale ba ne. Ma'aikata suna biyowa idan an tashi daga ofis, iyalai suna zuwa ranar Lahadi bayan an fito daga majami'a, matafiyan da suka taso daga Abuja ko Bauchi suna tsayawa. Abin da ake ci shi ne tsire, gasasshen naman rago, farfesun kayan ciki, gasasshen tarwaɗa, jalof, soyayyen dankalin Turawa, sai gwate ranar Asabar. Ni aikina tsara takardun abinci ne da kai su wurin bugu, amma kafin nan na yi shekaru ina kai abinci da abin sha a tebur a wani otal a Abuja, shi ya sa Mama ba ta kai maganar wurin wani ba. Takardarta harshe biyu ce, Turanci a hagu, Hausa a dama, domin a Jos da Hausa ake ciniki ko da mai saye da mai sayarwa ba Hausawa ba ne. Ɓangaren Hausar zan bi a nan, kuma duk gyaran da muka yi masa mun yi wa na Turancin.

Giya ɗaya tak take sayarwa kofi-kofi, wadda ake kira ta gida a harkar otal, wato wadda gidan abinci ya zaɓa ya tsaya a kanta, mai sauƙin kuɗi, wadda za a kawo wa duk wanda ya ce a ba shi ja ba tare da ya faɗi suna ba. Bayanin da ke ƙarƙashinta dilan da ke kawo mata kaya ne ya kwafo daga bayan kwalba, wani kuma ya mayar da shi Hausa kalma da kalma. Ga shi yadda na same shi: "Wayin na gida. Busasshen ruwan inabi mai matsakaicin jiki, da ƙanshin ceri da fulam da fanila, mai laushi a ƙarshe. Ya dace da cuku da gasasshen ɗan rago." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma an rubuta shi ne don mutumin da ke tsaye a kanti a wata ƙasa, wanda ya ci ceri tun yana yaro, ba don wanda ya zauna da yunwa yana jiran tsirensa a Rayfield ba.

Ban taɓa rubutun ba sai da na zauna da yarinyar da ta fi daɗewa tana kai abinci a wurin. Masu kai abinci su ne suke jin abin da mai gida ba ya ji. Ta ce mini, "Yaya, yawancinsu zaƙi suke nema. Da sun kurɓa sai su ɓata fuska, su ce ta lalace." Wasu kuma, in ji ta, suna haɗa ta da farfesu, sai su ce bakinsu ya kama da wuta, su nemi ruwa. Sai ta yi shiru, ta duba ko Mama na kusa, sannan ta ba ni labarin da ya fi damuna a cikin aikin nan gaba ɗaya.

Wani dattijo ne ya zo da iyalinsa, sun taso daga Bauchi za su wuce. Ya ga an rubuta "ruwan inabi", ya ce a kawo kwalba ɗaya don yara su yi murna. Sabon yaro ne ya karɓi odar, bai tambaya ba, ya buɗe ya zuba. Allah ya taimaka wari ya daki hancin dattijon kafin kowa ya kai baki. Bai ɗaga murya ba. Ya ture kofin, ya ce, "Yaro, da ka faɗa mini." Ya biya kuɗin abincinsa, suka tashi ba su gama ci ba.

Laifin ba na dattijon ba ne, ba kuma na yaron kaɗai ba ne. A ƙasar nan abin da ake kira wayin iri biyu ne. Akwai mai barasa, akwai kuma irin su Eva da Pure Heaven da ake kaiwa biki da suna da walimar sauka, waɗanda ruwan inabi ne mai gas, babu barasa a cikinsu, kwalbarsu kuwa kusan iri ɗaya da ta mai barasar. Kalmar "ruwan inabi" ita ma tana ɗaukar biyun: wanda ya saba karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ya san da ita ake kiran giyar inabi a can, wani kuwa abin da zai zo masa a rai shi ne inabin da aka matse kawai. Musulunci ya haramta giya, kuma a cikin Kiristocin Filato akwai masu yawa da ba sa kusantarta saboda koyarwar majami'arsu. A gari irin Jos, inda waɗannan mutane duka suke zama tebur kusa da tebur, takardar da ta bar wannan a duhu ta ci amanar wanda ya karanta ta. Tun daga ranar na yanke cewa kalmar "giya" da kalmar "barasa" za su hau layin farko, kafin ƙanshi, kafin ƙasar da ta fito, kafin komai.

Mama ba ta so ba da farko. Ta ce kalmar giya tana da nauyi, za ta sa wurinta ya yi kama da mashaya, alhali iyalai take nema. Na ce, "Mama, iyalan ne ma suka fi bukatar a faɗa musu. Wanda yake sha ba zai fasa don ya ga sunanta ba, wanda ba ya sha kuma zai gode miki." Ta yi ɗan jim, ta ce a rubuta, amma kada a yi manyan baƙaƙe kamar allon talla. Muka tsaya a kan haka, muka kuma raba shafin abin sha gida biyu da layi a tsakani, marasa barasa a sama, masu barasa a ƙasa, da gargaɗin cewa ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.

"Na gida" ma sai da muka sauya. A kunnen mai jin Hausa, giyar gida ita ce wadda aka dafa a gida, burkutu ko pito. Yarinyar ta ce an taɓa tambayarta ko a bayan kicin ake haɗa ta. Abin da ake nufi shi ne gidan ne ya zaɓe ta, don haka muka rubuta "zaɓin gidanmu".

Daga nan na sa aka kawo kwalbar da ba a buɗe ba, na karanta takardar jikinta gaba da baya. Inabin Merlot ne, wanda asalinsa daga yankin Bordeaux na Faransa yake, amma wannan an noma shi a Western Cape ta Afirka ta Kudu. Barasa kashi 13 cikin 100, girman kwalba mililita 750, ga lambar NAFDAC a jiki. Waɗannan su ne abubuwan da ba a jayayya a kansu, kuma duk abin da zai shiga takardar abinci daga cikinsu sai ya zama daidai da na kwalbar, ba abin da dila ya faɗa a waya ba. Kashi 13 ɗin nan ya cancanci a rubuta shi da lamba, domin mutanenmu da giyar kwalba suke auna komai, ita kuwa wajen kashi 5 ce. Kofi ɗaya na mililita 150 yana ɗauke da tsantsar barasa kusan mililita 20, babbar kwalbar giya ta mililita 600 kuma tana da 30. Ke nan ɗan kofin da mutum zai raina ya kai kashi biyu cikin uku na babbar kwalba. Wanda zai tuƙa mota zuwa Bukuru da dare ya kamata ya san haka kafin ya ce a ƙaro.

Sai maganar "busasshe", wadda ita ce ta jawo yawancin kofunan da ake mayarwa. Turawa suna cewa giya dirai ce, aka ɗauko kalmar aka fassara ta yadda take, ta fito ba ma'ana, domin babu wanda ya taɓa ganin busasshen ruwa. Abin da ake nufi mai sauƙi ne. Ruwan inabi yana da sukari, yis yana cin sukarin ya mayar da shi barasa. Idan aka bar shi ya cinye kusan duka, zaƙi ya tafi, ita ce ake kira dirai. A ƙa'idar Tarayyar Turai, irin wannan ba ta wuce giram 4 na sukari a lita ɗaya, ko ta kai 9 idan tsaminta yana da ƙarfi, wadda ake kira mai zaƙi kuwa daga giram 45 take farawa. Lemon kwalba da muke sha kullum ya haura giram 100 a lita. To, mutumin da harshensa ya saba da lemo da maltina, wanda kuma jar giyar da ya sani ita ce mai zaƙi irin Four Cousins da ake gani a wurin biki, idan ya kurɓi mai giram 3 ko 4, dole ya ce ta lalace. Ba ta lalace ba, ba a gaya masa ba ne.

A nan muka fi daɗewa da Mama. Na ce a rubuta "ba ta da zaƙi" ƙarara. Ta ce wane ɗan kasuwa ne yake tallar kayansa da abin da ba su da shi? Maganarta tana da hujja, kuma na san masu rubutun talla da yawa za su goyi bayanta. Amma na nuna mata kofuna ukun nan. Duk kofin da aka mayar, ko dai ta yafe kuɗin, ko ta karɓa mutumin ya tafi da haushi, kuma a duka biyun giyar ta tafi kwata. Wanda ya karanta "ba ta da zaƙi" ya fasa, zai sayi wani abu a madadinta, kuɗinsa bai bar gidan ba. Ta ce, "To, amma ka faɗi abin da take da shi, kada ka tsaya a abin da ba ta da shi." Wannan sharaɗin nata shi ne ya gyara sakin layin.

Washegari da la'asar, kafin mutane su fara zuwa, muka zauna mu biyar a teburin kusa da kicin: ni, Mama, mai gashin nama, yarinyar, da wani mai wanke-wanke. Ma'aikata biyu ba sa sha, ba a kuma nemi su ɗanɗana ba, ɗayansu ma shi ya riƙe biro yana rubuta abin da muke faɗa. Na zuba wa kowa kamar cokali uku, na hana kowa kallon bayan kwalbar, na ce kowa ya faɗi abin da ta tuna masa da shi a cikin abubuwan da ya taɓa ci.

Mai gashin nama ya juya ta a baki, ya haɗiye, ya tsotsi haƙoransa, ya ce, "Zoɓo ne da aka manta ba a sa sukari ba." Yarinyar ta daɗe da hanci a cikin kofi, ta ce ƙanshin ɗinya take ji, irin wadda ta nuna ta yi baƙi. Mai wanke-wanke, wanda bai cika magana ba, ya shafa harshe a dasashinsa ya ce, "Oga, akwai bauri, kamar an ci goro." Na kusa tashi tsaye, domin kalmar da nake nema ke nan tun jiya. Abin da masana giya suke kira tanin yana fitowa daga ɓawon inabi da 'ya'yansa, saboda jar giya tare da ɓawon ake jiƙa ta, daga nan ma take samun launinta. Tanin yana kama sinadarin da ke sa miyau santsi, sai baki ya ji kamar ya bushe ya ɗaure. Shi ne a cikin goro, shi ne a cikin shayin da aka bar ganye ya daɗe. Hausa tana da sunansa tun fil azal, bauri, kuma kowa ya san shi, ba sai an yi wa kowa lacca ba.

Ban karɓi duk abin da aka faɗa ba. Mama ta ce a sa tsamiya, na ƙi, domin tsamin tsamiya ya fi na wannan giyar nesa ba kusa ba, zai tsorata mutane a banza. Ɗinya kuma na ce ƙanshinta za a rubuta, ba ɗanɗanonta ba, saboda ɗinya tana da zaƙi, idan aka ce "ɗanɗanon ɗinya" an sake yi wa mutum alkawarin sukarin da babu. Zoɓo ma yana da nasa haɗarin: abin sha ne na kowa da kowa, yaro da babba, kuma idan sunansa ya zo kafin kalmar barasa, mai karatu da sauri zai iya ɗauka wani zoɓo ne na musamman. Don haka ya zauna a tsakiyar sakin layi, a matsayin kwatance, da "irin na" a gabansa. Ceri da fulam da fanila duk muka cire. "Matsakaicin jiki" ma ya tafi, domin nauyin giya a baki magana ce ta waɗanda suka ɗanɗana iri-iri har suna iya kwatantawa, wanda ya zo cin tsire ba ita ce damuwarsa ba.

Aka kawo abinci kaɗan-kaɗan a faranti, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da tsire da naman rago, baurin ya kwanta, domin kitse da nama suna ɗauke tanin kafin ya kama harshe, tsamin kuma yana wanke maiƙon da ya rage a baki, sai mutum ya ji yana son wata yankar. Da jalof da naman sa ma ta tafi daidai. Da aka zo farfesu, mai gashin nama da ke cin barkono kamar gyaɗa shi ya fara ajiye cokali. Barasa tana ƙara wa zafin barkono ƙarfi, ga romon da zafinsa, ga babu kitsen kirki da zai tare baurin, sai abubuwa uku suka haɗu a kan harshe ɗaya. Ko tsiren ma, da muka dangwala shi sosai a cikin yaji, ya fara yin haka, shi ya sa yanzu ake kawo yajin a gefe ga wanda ya sayi giyar. Tarwaɗa kuwa ƙarninta ne ya fito fili, ya bar wani ɗanɗano kamar an lashi ƙarfe. Gwate bai yi daɗi da ita ba, bai kuma yi muni ba, muka bar shi ba mu ambata ba.

Cuku da ɗan rago na tsohon rubutu ba a sayar da su a gidan. Ƙa'idar da na bi ita ce kada a ambaci abincin da mutum ba zai iya nunawa da yatsa a wannan takardar ba, kuma a kira shi da sunan da aka rubuta shi a shafin abinci.

Rubutuna na farko ya yi tsawo. Na sa tarihin inabin, na sa cewa a Afirka ta Kudu ana girbi ne daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu saboda lokutan shekararsu a juye suke da na Turai, na bayyana tanin. Na ba yarinyar ta karanta a tsaye, da tire a hannu ɗaya, kamar yadda take yi wa wanda ya manta tabarau. Kafin ta kai rabi ta ɗago kai ta ce, "Yaya, mai yunwa ba zai jira wannan ba." Na zauna na yanke duk abin da ba ya amsa tambayar da ake yi mata a tebur: da barasa ko babu, da zaƙi ko babu, da me zan ci ta, nawa za a zuba mini. Ga abin da ya rage, shi ne kuma aka buga:

"Jar giyar inabi, zaɓin gidanmu. Akwai barasa, kashi 13 cikin 100. Daga Afirka ta Kudu take, an yi ta da inabin Merlot. Ba ta da zaƙi: tana da ƙanshin ɗinya, da ɗan tsami irin na zoɓon da ba a sa wa sukari ba, da bauri kaɗan a ƙarshe. Ta fi dacewa da tsire, gasasshen naman rago, ko jalof da naman sa. Idan farfesu ko kifi za ku ci, ku tambaye mu abin da ya fi. Muna kawo ta da ɗan sanyi. Kofi ɗaya mililita 150 ne, kwalba kofi biyar ce."

Farashi yana kan layinsa daban a ƙasa, don a iya manna sabo idan kaya sun tashi ba tare da an sake buga shafin ba. Sunan kamfani da shekarar girbi ba su shiga ba, domin shekarar tana sauyawa da kowane sabon kwali, wanda ya damu kuma ana iya kawo masa kwalbar ya duba. Merlot na bar shi yadda yake a jikin kwalba saboda mai son ya nema a kanti ya gane shi, na dai koya wa ma'aikata cewa ba a furta harafin ƙarshe, Merlo ake cewa. Babu "mai daɗin gaske", babu "ta musamman". Kowace takardar abinci a garin nan tana faɗin haka a kan komai, har ido ya daina ganinsu.

Jimloli biyu na ƙarshe su suka fi ba mu aiki, domin alkawari ne da kicin zai cika kullum. "Da ɗan sanyi" ya samo asali ne daga inda na tarar da kwalaben: a kan shiryayye, taku uku daga murhun gashi. Ana yawan cewa jar giya ba a sa ta a firji, ana shan ta yadda ɗaki yake, amma ɗakin da ake nufi na ƙasashen sanyi ne, wajen digiri 16 zuwa 18. Jos tana da sanyi saboda tudu ce mai tsayin kusan mita 1,200, duk da haka kicin da rana a watan Maris ya wuce wannan da nisa. Idan ta ɗumama, barasar ce take fara dukan hanci, ƙanshin ɗinyar ya ɓace. Idan kuma ta kwana a firiza ta yi ƙanƙara-ƙanƙara, ƙanshin ya rufe, baurin ya yi tsauri, "kaɗan" ɗin da muka rubuta ya zama ƙarya. Muka mayar da kwalayen ɗakin ajiya mai duhu, kwalbar da za a buɗe kuma ana sa ta a firji kamar minti ashirin zuwa talatin kafin lokacin cin abincin dare.

Mililita 150 kuwa, da can kowane ma'aikaci da idonsa yake aunawa, kwalba ɗaya wani lokaci kofi huɗu, wani lokaci shida. Na auna ruwa da kofin awo na kicin, na zuba a ɗaya daga cikin kofunan, na ɗiga zoɓo don ya yi launi, muka ajiye shi a kan kanta. Duk mai zubawa yana ajiye nasa kusa da shi ya daidaita.

Akwai abin da na gano a makare, wanda da na fara da shi. Ɗaya daga cikin kofuna ukun daren farko, da na shinshina shi, ba rashin zaƙi ne matsalarsa ba. Launinsa ya koma ruwan ƙasa a gefe-gefe, warinsa kuma ya doshi na binega. An buɗe kwalbar tun Lahadi, aka bar ta a kan shiryayye har Juma'a. Iska tana shiga giya da zarar an buɗe, kuma ko an mayar da murfi an sa a firji, kwana uku zuwa biyar ne iyakarta, a wurin da wuta ke ɗaukewa firji ya huce kuwa gara a tsaya a uku. Wanda ya mayar da wannan kofin yana da gaskiya da ya ce ta lalace. Yanzu ana manna 'yar takarda a wuyan kowace kwalba da ranar da aka buɗe ta, ba a buɗe sabuwa sai tsohuwa ta ƙare, wadda ta kwana uku kuma ta koma kicin a dafa naman sa da ita ga ma'aikatan da ke ci, ba ta shiga tukunyar baƙi, don kada barasa ta isa farantin wanda bai nema ba.

Bayan wata guda na koma karɓar kuɗin bugu. Masu sayen kofi ba su ƙaru sosai ba, Mama ta faɗa mini haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba, amma kofunan suna dawowa babu komai a ciki, kuma yarinyar ta ce yanzu tambayar da ake yi mata ta sauya: ana nuna layin a ce, "Wadda ba ta da zaƙin nan, babu 'yar'uwarta mai zaƙi?" Tambayar ta yi yawa har Mama ta ƙaro ja mai zaƙi a matsayin ta biyu, muka rubuta mata nata layi uku, ita ce kuma ake ba masu farfesu, tana da sanyi sosai, domin sukari yana kwantar da zafin barkono. Ma'aikata kuma sun riƙe al'ada ɗaya: duk wanda ya ce a kawo wayin, kafin a taɓa murfi sai an ce, "Ranka ya daɗe, mai barasa ko marar barasa?"

A watan Yuni Mama ta sake kirana. Dilan ya kawo kwali shida, kuɗi ɗaya, launin takarda kusan ɗaya, ya ce ai duk ja ce. Yarinyar ce ta lura, da ta zo manna ranar buɗewa: an rubuta Tempranillo, daga Sifen, barasa kashi 12. Ƙasa ta sauya, inabi ya sauya, lamba ta sauya, jimloli biyu na sakin layinmu sun daina zama gaskiya a dare ɗaya. Na ce kada a zuba wa kowa ita a ƙarƙashin tsohon rubutu, a rufe wurin da farar takarda tukuna. Ranar Talata da la'asar muka koma teburin kusa da kicin, mu biyar ɗin nan da mai riƙe biro, aka kawo tsire da farfesu da tarwaɗa a ƙananan faranti. Mai gashin nama ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya ce tsamin wannan ya fi na waccan fitowa, yarinyar kuma ta ce ba ta jin ɗinya ko kaɗan, a ba ta minti ɗaya ta sake shinshinawa.